"Zai kula da sito": yadda ake warware sakin layin ayyuka ya koma jeri a sanarwar neman ma'aikaci

Yawancin sanarwar neman ma'aikaci da ke yawo a wayoyin mutane daga Ngaundare zuwa Kusiri, har a tsallaka gada a shiga Injamena, dunƙule take. Maigida ya zauna ya faɗi abin da ke ransa, yaron ofis ya rubuta, sai a sami sakin layi guda mai tsawo wanda ya haɗa aiki da hali da sharaɗi da gargaɗi. Mai neman aiki ya karanta har ƙarshe, ya gane ana son mutumin kirki, amma bai gane abin da zai yi da hannunsa ranar Litinin da safe ba. Maganin da aka saba bayarwa shi ne a mayar da sakin layin jeri, kowane layi da ɗigo a gabansa, kowane kuma ya fara da aikatau, wato kalmar da ke nuna aiki. Shawarar daidai ce. Inda ake kuskure shi ne ɗaukar ta a matsayin kwalliya, a yanka jimlolin yadda suke a ɗora musu ɗigo. Aikatau ɗin da ke farkon layi shi ne ke faɗin wanda zai amsa tambaya ranar da buhu ya ɓace, don haka zaɓensa ba ƙaramin abu ba ne.

A ɗauki misalin wani babban ɗan sari a Garwa mai sayar da shinkafa da sukari da man girki da sabulu. Kayansa jirgin ƙasa ke kawowa Ngaundare, inda layin dogo ya tsaya, daga nan manyan motoci su ɗauko zuwa Garwa. Yana neman mai tsaron sito, ga kuma abin da ya sa aka rubuta:

"Muna neman mutum mai gaskiya da riƙon amana wanda zai kula da sitonmu da ke Garwa. Shi ne zai ɗauki alhakin duk kayan da ke shigowa da masu fita, kuma zai taimaka wajen lissafi da harkar direbobi da 'yan dako, ya tabbatar komai yana tafiya daidai, ya riƙa sanar da maigida halin da ake ciki. Dole ya iya Faransanci da Fulatanci, ya zama mai haƙuri da jama'a, mai zuwa aiki da wuri. Wani lokaci ana kaiwa dare idan mota ta iso a makare. Zai kuma yi duk wani aiki da aka sa shi."

Kafin a taɓa ɗigo ko ɗaya, sai an yi tankaɗe. Gaskiya da amana da haƙuri halaye ne, ba wanda ke tashi da safe ya tafi wurin aiki don ya yi gaskiya daga ƙarfe takwas zuwa sha biyu. Faransanci da Fulatanci sharuɗɗa ne da mutum zai zo da su. Kaiwa dare kuwa yanayin aiki ne, wurinsa yana tare da lokutan aiki da albashi, kuma ya kamata a faɗe shi fili, tunda dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta sa awa 40 a mako a wuraren da ba na noma ba, abin da ya haura haka ƙarin lokaci ne mai nasa lissafi. Duk waɗannan za su zauna a sanarwar, amma kowanne a ƙarƙashin nasa kan magana. Idan aka kwashe su, abin da ya rage na aiki tsantsa bai taka kara ya karya ba: kula, ɗaukar alhaki, taimakawa, tabbatarwa, sanarwa. Cikin biyar ɗin nan, sanarwa kaɗai ce za ka iya tsayawa a bakin ƙofa ka ga mutum yana yi.

Wannan shi ne ma'aunin da nake amfani da shi a kan kowace kalma: idan na leƙa sito da hantsi, zan iya nuna mutumin in ce ga shi can yana yin abin? Ana ganin mai ƙirga buhu, ana ganin mai rubutu a littafi, ana ganin mai kulle ƙofa. Ba a ganin mai "kula". Kula rumfa ce da ayyuka huɗu ko biyar suka fake a ƙarƙashinta, kuma wanda ya san su shi ne maigida. Saboda haka rabin wannan aiki ba a kan takarda ake yin sa ba, a gaban maigida ake yi, da tambaya.

Tattaunawar takan tafi kamar haka. Akawu ya ce, "Ranka ya daɗe, idan mota ta iso, shi mai siton me zai fara yi?" Alhaji ya ce, "Ai sai ya karɓi kaya mana." "To Alhaji, shi zai ƙirga, ko 'yan dako za su ƙirga ya rubuta abin da suka faɗa?" "A'a, shi da kansa, direba yana tsaye." "Takardar da direba ya zo da ita fa, wa zai sa mata hannu?" A nan Alhaji zai ɗan yi shiru, domin shekara da shekaru ƙaninsa ne ke sa hannu, kuma bai taɓa tunanin ko sabon ma'aikaci zai gaji wannan ba. Shirun nan shi ne amfanin aikin gaba ɗaya.

Ga dalili. Mota ta taso da buhu 600 na shinkafa mai kilo 50, tan 30 ke nan, haka takardar rakiya ta nuna. An sauke, washegari aka duba aka tarar da 594. Idan sanarwa ta ce mai sito "zai ɗauki alhakin kayan da ke shigowa", maigida zai ce buhu shida suna wuyansa. Shi kuma zai ce ba shi ya ƙirga ba, ba shi ya sa hannu ba, yana can yana sallamar masu sari lokacin da ake saukewa. Kowa yana da gaskiyarsa, don kalmar ta ɗauki ma'ana biyun. Amma da layin ya ce "ƙirga kaya a gaban direba kafin sa hannu a takardar rakiya", babu gardama. Ko dai ya ƙirga ya sami 594 ya rubuta haka a takardar direba yana kallo, magana ta koma kan mai mota, ko kuwa ya sa hannu a kan 600 bai ƙirga ba, ya san abin da ya jawo wa kansa. Ƙirgawa daban, dubawa daban, sa hannu daban, amincewa daban. Matakai ne na nauyi, kuma albashin da za a yanka ya kamata ya bi matakin da aka zaɓa. Wanda ake so ya sa hannu a kan tan 30 ba a biyansa kuɗin mai riƙe makulli.

"Taimakawa" ta fi "kula" haɗari, don tana da ladabi, ba a zarginta. Zai taimaka wajen lissafi. Wane lissafi? Da aka matsa wa Alhaji, sai ta bayyana cewa lissafin kuɗi yana hannun akawu da mai karɓar kuɗi, abin da ake so daga mai sito shi ne ya rubuta shiga da fita a littafi kullum, sannan a ƙarshen wata su ƙirga kayan tare da akawu. Ayyuka biyu ne nasa na kansa, ba taimako ba ne. Da an bar kalmar yadda take, da wanda ya karanta ilimin akanta zai nemi aikin yana zaton tebur da kwamfuta, wanda kuma ya ƙware a sito amma yana tsoron lissafin kuɗi zai ja da baya, alhali shi ake nema. Ba na cewa a kori kalmar baki ɗaya. Akwai wurin da taimako ne da gaske, kamar mataimakin makaniki da ke miƙa sifana. Sai dai duk inda aka bar ta, a faɗi wanda ake taimaka wa da abin da ake yi masa.

"Tabbatar komai yana tafiya daidai" kuwa ba a gyara ta, share ta ake yi. Idan an tambayi maigida mene ne "daidai" ya kawo abu takamaimai, misali kada a ɗora buhu a ƙasa sai a kan katako saboda danshin damina, ko tsohon kaya ya riga sabo fita, to an sami aiki, a ba shi layinsa. Idan bai kawo komai ba, dama babu komai a ciki.

Sai siffar kalmar da za ta buɗe layi, kuma nan Hausa tana da nata tsari da bai kamata a aro daga wani harshe ba. Hanya uku ce a gaban mai rubutu. Yana iya yin umarni: karɓi kaya, rubuta, ƙirga. Wannan ya yi kama da maigida yana daka wa yaro tsawa, alhali mutumin bai ma fara aiki ba, kuma da zarar an so a sassauta sai an zaɓi "ka" ko "ki". Yana iya maimaita "zai" a kowane layi: zai karɓi, zai rubuta, zai ƙirga. Ba laifi a nahawu, amma ido yana sauka kan "zai" sau takwas kafin ya kai ga aikin, an kashe amfanin jerin. Hanya ta uku ita ce a ɗora jimla guda a sama wadda ba ta ƙare ba, kowane layi ya ƙarasa ta: "Wanda aka ɗauka, namiji ko mace, zai riƙa:" sannan karɓar, fitar da, rubuta, jera. Ita na fi so, don "riƙa" da kanta tana nuna aikin kullum ne, kuma tana tilasta wa kowane layi siffa ɗaya.

Tana kuma ba da hanyar gwaji kyauta. A karanta jimlar sama da kowane layi a haɗe, da murya. "Zai riƙa karɓar kaya" ya zauna. "Zai riƙa karɓi kaya" kunne ya ƙi. "Zai riƙa rahoton yamma" babu aiki a ciki, suna ne tsirara. "Zai riƙa dole ya iya Fulatanci" ya nuna sharaɗi ya ɓato hanya ya shigo cikin ayyuka. Inda aka fi tuntuɓe shi ne aikatau irin su karɓa da saya da nema da biya, waɗanda ke sauya ƙarshe idan abin da aka yi wa aikin ya biyo baya: karɓar kaya, sayen mai, neman mota, biyan 'yan dako. Irin su rubuta da ƙirga da jera da duba kuwa ba sa sauyawa, sai dai su yar da "wa" ɗinsu: ana cewa rubutawa, amma rubuta kaya. Bahaushe bai buƙatar a koya masa wannan a baki. A rubutu ne hannu ke zamewa, musamman idan ana kwafo layi daga wata tsohuwar sanarwa.

Aikatau kaɗai bai isa layi ba. "Rubuta kaya" ya fara daidai amma bai gaya wa kowa komai ba. Bayan aikatau ana son abin da ake yi wa aikin, sannan ƙari ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan: yaushe, da me, ga wa, tare da wa. Ba duka huɗun ba, wanda zai raba gardama kawai. Ga yadda sakin layin Alhaji ya koma bayan tambayoyi:

Wanda aka ɗauka, namiji ko mace, zai riƙa:

- Ƙirga kayan da mota ta kawo a gaban direba, kafin sa hannu a takardar rakiya
- Fitar da kaya ga masu sari bisa rasit mai hatimin mai karɓar kuɗi kawai
- Rubuta shiga da fitar kaya a littafin sito a ranar da aka yi su
- Jera buhuna a kan katako yadda tsohon kaya zai riga sabo fita
- Raba wa 'yan dako shida aiki da rubuta buhunan da kowa ya ɗauka
- Aika wa maigida adadin kayan da suka rage kowace yamma kafin ƙarfe 6
- Ƙirga kayan sito gaba ɗaya tare da akawu a Asabar ɗin ƙarshen wata

Layi bakwai, kuma jerinsu ba haka kawai ya zo ba. Na farko shi ne mafi nauyi, wanda idan mutum ba zai iya ba gara ya tsaya nan. Sauran sun bi tafiyar kaya da tafiyar yini, aikin wata-wata ya zo ƙarshe. Mai karatu a waya sau da yawa layi biyu ko uku na sama yake gani kafin ya yanke ko zai ci gaba, don haka ba a buɗe jeri da share sito ko kulle ƙofa, ko da ana yin su.

A lura da kalmar "kawai" a layi na biyu. Ita ce za ta tsaya wa mai sito ranar da ɗan maigida ko wani amininsa ya zo ya ce a ba shi katan goma na mai, rasit zai biyo baya. A kasuwancin gida irin namu, inda rabin masu shiga sito dangi ne, wannan kalma ɗaya ta fi dogon zance a kan riƙon amana amfani. A lura kuma da "shida" a layi na biyar. Lambar tana gaya wa mai nema girman abin da zai riƙe, tunda shugabantar mutum biyu da shugabantar ashirin ba ɗaya ba ne. Amma lamba sai wadda maigida ya tabbatar. Idan 'yan dakon yau huɗu ne gobe goma gwargwadon motar da ta zo, a bar lambar, kada a ƙirƙiro don layi ya yi kyau.

Layi na biyar yana da aikatau biyu, raba da rubuta, kuma na bar su tare da gangan, don a wuri ɗaya da lokaci ɗaya ake yin su, da littafin ake biyan 'yan dakon. Ƙa'idar aiki ɗaya a layi ɗaya tana da kyau, amma masu bin ta ido rufe sukan daddatsa abu guda ya zama layi biyar: buɗe mota, sauke kaya, ƙirga kaya, duba takarda, sa hannu. Wannan ya zama littafin koyar da sabon ma'aikaci, ba sanarwa ba. Abin da ya kamata a raba shi ne ayyukan da za a iya ba mutum biyu daban ba tare da wani ya jira wani ba.

Yawan layukan ma yana magana. Da tambayoyin sun fito da layi goma sha biyar, ciki har da karɓar kuɗi daga masu sari da kai su banki da bin bashi a Marwa, to ba sanarwar ce ta yi tsawo ba, aikin mutum biyu ne ake son a ɗora wa ɗaya. Sakin layi yana iya ɓoye wannan, jeri ba ya iyawa. Kuma a harkar sito akwai dalili na musamman da zai sa a raba: wanda ke fitar da kaya bai kamata ya zama shi ke karɓar kuɗinsu ba, don idan hannu ɗaya ya riƙe biyun babu mai duba wani. Sau da yawa sai an jera layukan maigida ke ganin haka da idonsa.

Saura jimlar ƙarshe, "duk wani aiki da aka sa shi". Masu gida ba sa son rabuwa da ita, kuma ina gane dalilinsu, ba a iya rubuta komai. Sai dai yadda take, tana rushe layi bakwai ɗin da aka sha wahalar ginawa, tunda a ƙarƙashinta ana iya aiken mai sito kai yara makaranta ko sayo cefane, sannan a tuhume shi da abin da ya ɓace yana waje. Idan dole sai an sa, a ɗaure ta: "Yin wasu ayyukan sito da maigida ya ba shi a lokutan aiki." Sito ya iyakance wurin, maigida ya iyakance mai bayarwa, lokutan aiki sun iyakance sa'a.

"Harkar direbobi" da ke cikin asalin rubutun ta ɓace a jerin, kuma ba mantuwa ba ce. Da aka bincika, abin da ke tsakanin mai sito da direba bai wuce ƙirga da sa hannu ba, neman mota da cinikin kuɗin dako Alhaji ke yi da wayarsa. Wannan ne dubawa ta ƙarshe da ake yi: a ajiye tsohon sakin layi kusa da sabon jeri, a bi kowace gaɓa a ga inda ta tafi, ko ta zama layi, ko ta koma sharuɗɗa, ko an cire ta da sanin maigida. Sannan a bi ta baya, kowane layi a tambaya daga ina ya fito. Mai rubutu da ya saba da sanarwar manyan ƙungiyoyin agaji yakan tsinci hannunsa yana ƙara "tsara dabarun inganta ajiya", abin da Alhaji bai faɗa ba kuma ba zai biya ba.

Batun bugawa gajere ne. A Word, `Ctrl+Shift+L` yana mayar da layukan da aka zaɓa jeri mai ɗigo. A WhatsApp, inda yawancin irin wannan sanarwa ke ƙarewa, ana fara layi da `-` a bar fili ɗaya, manhajar ta mayar da shi ɗigo, kuma wannan ya fi a kwafo daga Word, don ɗigon can yakan ɓace ko ya karkace a hanya. Fuskar waya ba ta ɗaukar fiye da 'yan kalmomi a layi, don haka abin da ya wuce kalma goma sha biyar zai naɗe sau uku ya koma ƙaramin sakin layi. A tura wa kai sanarwar tukuna a duba ta a waya kafin a sake ta.

Idan za a kai ta ofishin FNE, asusun samar da aikin yi na Kamaru, ko takwaransa ONAPE a Chadi, za a buƙaci ta Faransanci, kuma can al'adar ita ce kowane layi ya fara da aikatau a siffarsa ta asali, wadda ba ta nuna mai yi ko lokaci. A fassara daga jerin da aka gama, ba daga tsohon sakin layi ba, kuma a sa ido kada mai fassara ya mayar da "ƙirga" da "sa hannu" cikin manyan kalmomin ofis masu nufin gudanarwa ko tabbatarwa, waɗanda su ne "kula" ta can. A Garwa da Marwa kuma akwai wanda ba zai karanta sanarwar da kansa ba, wani ne zai karanta masa ya juya ta Fulatanci a tsaye, ko ya yi masa saƙon murya. Shi ya sa kafin a saki sanarwa yana da kyau a sami ɗaya daga cikin 'yan dakon siton a karanta masa layukan, a ce ya faɗi abin da sabon mai sito zai riƙa yi. Duk layin da ya tsaya a kai ya ce "wato kamar yaya?", a koma wurin Alhaji da shi.